Kalmomi huɗu da ke ɗaure mutum a takardar yarjejeniya

Ana gama ciniki da Hausa a bakin shago, amma idan aka je wurin lauya a Najeriya, da Turanci ake rubuta takardar. A cikinta akwai ƙananan kalmomi huɗu da ido ke tsallakewa: shall, must, may da will. Su ne ke nuna wanda nauyi ya hau kansa da wanda aka bar wa zaɓi.

Shall ita ce ta wajibi, kuma kotunanmu ba sa wasa da ita. A 1984, a shari'ar Ifezue da Mbadugha, Kotun Ƙoli ta duba sashe na 258 na tsarin mulkin 1979, wanda ya yi amfani da shall wajen umurtar kotu ta yanke hukunci cikin wata uku bayan an kammala jawaban ƙarshe. Ta ce umurnin tilas ne, don haka hukuncin da ya wuce wa'adin ya zama ba hukunci ba. Tsarin mulkin 1999 ya sassauta: sashe na 294 ya ba da kwana 90, amma ba a soke hukunci saboda jinkiri kaɗai sai an nuna jinkirin ya jawo rashin adalci.

May izini ce: ka ga dama ka yi, ka ga dama ka bari. Will asalinta labarin abin da zai faru ne nan gaba. Must kuwa tilas ce da kowa ke ganewa, shi ya sa masu rubuta dokoki a Birtaniya da Ostareliya suka koma gare ta.

Mu ɗauki daftarin hayar shago. Sakin layi na farko ya ce ɗan haya shall ya biya kuɗin shekara ranar 1 ga Janairu. Wannan daidai ne, domin akwai mutum takamaimai, akwai aiki, akwai rana. Hanyar gwaji mai sauƙi ce: cire kalmar ka sa "wajibi ne a kan wane ya yi kaza". In maganar ta zauna, shall tana gurbinta.

Na biyu ya ce mai shago will ya gyara rufin idan ya yi yoyo. Nan ne na fi so mai karatu ya tsaya. A karan kanta will tana iya ɗaure mutum, kotuna sun sha karanta ta a matsayin alƙawari. Amma ranar da damina ta jiƙa kayan ɗan haya, lauyan mai shago zai ce marubucin ya san shall, ya sa wa ɗan haya ita, da ya zo kan mai shago sai ya canza kalma, ke nan niyya kawai ake nufi. Ko da hujjar ba ta yi nasara ba, an buɗe ƙofar shari'ar da za ta ci kuɗi da watanni. Gyaran shi ne a sa wa ɓangarorin biyu kalma iri ɗaya, a ƙara da wa'adi, misali kwana 14 bayan an sanar da shi a rubuce.

Na uku ya ce idan ɗan haya yana son sabunta haya, shall ya ba da sanarwar wata uku. Ka gwada: wajibi ne a kansa? A'a. In bai bayar ba bai karya yarjejeniya ba, ba a kuma bin sa diyya, damar sabuntawa kawai ya rasa. Wannan sharaɗi ne, kuma da yawa daga masu riƙe shall don wajibi suna ajiye must don irin wannan wuri.

Na huɗu ya ce mai shago shall ya shiga ya duba shagon duk bayan wata shida. Haƙƙi aka so ba shi, sai aka ɗora masa aiki. May ce ta dace. Sai dai a kula da may not, domin tana iya nufin "an hana", tana iya nufin "wataƙila ba zai yi ba". Idan hana ɗan haya sanya wani a shagon ake nufi, a rubuta shall not ko must not.

Saura jimlolin da ba su ambaci mai aikin ba, irin wadda ta ce kuɗin wuta shall a biya su kowane wata. Wa zai biya? Takardar ba ta faɗa ba. A juya jimlar, sunan ɗan haya ko mai shago ya zo a gaba, kalmar wajibin ta biyo shi, sannan ranar biya.