Gini a Kano, Mai Gida a Jidda: Me Rahoton Wata Zai Ƙunsa?

"Yaya, aiki na tafiya, sai dai kuɗi sun ƙare." Irin saƙon da 'yan ci-rani da dama ke samu ke nan a ƙarshen wata daga ƙanen da suka wakilta kan gininsu. Mutum yana Jidda ko Landan, aiki ya riƙe shi, kunya kuma ta hana shi tambayar ɗan uwansa rasit. Saƙon na iya zama gaskiya, amma babu abin da mai gida zai auna a cikinsa.

Rahoton kirki yana haɗa abu uku wuri guda: kuɗin da suka shigo, kayan da aka saya, da aikin da ya hau bango. Kowanne shaidar ɗan uwansa ne.

A ɗauki misalin direban da ke aiki a Jidda yana gina gida a Kano. Wakilinsa ya rubuto cewa a wannan wata ya sayi bulo mai inci tara guda 1,000 da siminti buhu 30, birkila kuma ya ɗora bulo 800. Daga inda yake zaune mai gida zai iya bin sawun lissafin. Tsawon bulo inci 18 ne, kusan santimita 45, don haka bango mai tsawon mita 9 yana cin bulo wajen 20 a kowane layi. Idan hoton watan jiya ya nuna layi huɗu, na yanzu ya nuna tara, an ƙara layi biyar, wato bulo ɗari a wannan bango kaɗai, kafin a cire gurbin ƙofa da taga. Haka zai bi sauran bangaye ya tara. A ƙiyasin magina, buhu ɗaya yana ɗora bulo kamar hamsin, saboda haka 800 za su ci buhu 16 ko kusa da haka. Idan linta ta ci takwas, ya kamata a tarar da buhu shida a sito, da bulo kusan 200 a fili, ban da 'yan waɗanda suka fashe wajen saukewa. Bambancin buhu ɗaya ko biyu ba abin tada hankali ba ne, domin hannun birkila ya sha bamban. Idan kuwa buhu goma suka yi ɓatan dabo, akwai bayanin da wakili zai yi kafin a sake turo ko sisi.

Wannan lissafi ba ya yiwuwa sai hoton ya zama na gaskiya. Wakili ya riƙa tsayawa a kusurwa ɗaya kowane wata, yana haɗawa da abin da ba ya gusawa, kamar turken lantarki ko ƙofar maƙwabci, domin bangon da ba a yi wa filasta ba duk kama ɗaya gare shi, kuma ta nan ake tura wa mutum hoton ginin wani. WhatsApp yana matse hoto har layin bulo ya dushe. Idan aka tura shi ta `Document`, yana isa yadda aka ɗauka. Kiran bidiyo na minti goma, mai gida na cewa "juya hagu, shiga falo", ya fi hotuna hamsin.

Akwai aikin da ba ya jiran ƙarshen wata, kuma a ganina nan ne asarar ta fi ciwo. Rodin da ke cikin ginshiƙi da linta, da zarar an zuba kankare ya ɓuya har abada. Ko mai milimita 12 aka sa kamar yadda zane ya ce, ko an rage zuwa 10, ko huɗu ne a ginshiƙi ko uku, ba mai sani sai ranar da tsaga ta bayyana. Don haka a ɗauki hotonsa da tef ɗin awo a jikinsa kafin zubi, haka ma bututun ruwa da na wuta kafin filasta. Rahoton ya faɗi ranar da aka zuba kankare da kwanakin da aka yi ana ba shi ruwa: mako guda ne mafi ƙaranci, ƙarfinsa kuma a kwana 28 ake auna shi.

A ɓangaren kuɗi, tun da Babban Bankin Najeriya ya saki farashin naira a Yunin 2023, faɗin riyal nawa aka turo bai wadatar ba. A rubuta ranar da kuɗin suka shigo, a nawa aka canza, da nairar da ta zo hannu.

Sai labarin da ba a son ji, wanda wakilai suka fi ɓoyewa don kada ran Yaya ya ɓaci: ruwan sama ya tsayar da aiki, kafinta ya karɓi kafin alƙalami ya ɓace, ko jami'an KNUPDA sun zo neman takardar izinin gini. Wannan ma ya samu gurbinsa, tare da aikin wata mai zuwa da abin da zai ci. A manyan matakai kuma, kamar harsashi da rufi, mai gida ya biya injiniyan da ba ruwansa da sayen kaya, ya je ya duba, ya aiko masa da nasa rahoton kai tsaye.