Ɗan Harafin Da Ke Saman Kalkuleta

Ga wata tambaya irin wadda ɗaliban sakandare ke gamuwa da ita a jarrabawar WAEC da NECO. An jingina tsani mai tsawon mita 6 da bango, kusurwar da ke tsakanin tsanin da ƙasa digiri 65 ce. Mita nawa ne daga ƙasa zuwa inda kan tsanin ya taɓa bango? Ɗalibai biyu suka rubuta hanya ɗaya, wato 6 × sin 65, suka danna kalkuleta. Na farko ya samu mita 5.44, na biyu ya samu mita 4.96. Babu wanda ya tsallake mataki, kuma kalkuletocin biyu lafiyarsu lau. Abin da ya raba su ɗan harafi ne guda a saman gilashin na'urar, wanda mutane da yawa ba su taɓa ɗaga ido sun duba ba. A ta farko D ne, a ta biyu R.

Kusurwa ba da ma'auni ɗaya ake auna ta ba. Wanda kowa ya saba da shi shi ne digiri, inda ake raba zagayen da'ira kashi 360. Akwai kuma radiyan, wanda masana lissafi da injiniyoyi suka fi so. Idan ka ɗauki nisan da ke tsakanin tsakiyar da'ira da gefenta, ka shimfiɗa shi a kan gefen, kusurwar da ya buɗe daga tsakiya ita ce radiyan ɗaya, kimanin digiri 57.3. Saboda haka zagaye guda radiyan 2π ne, wato kusan 6.28. Kalkuleta kuwa lamba kawai take gani. Idan ka aiki yaro kasuwa ka ce ya sayo gero biyar, sai ya san ko mudu kake nufi ko buhu. Ita ba ta tambaya, da ma'aunin da aka bar ta a kai take aiki.

To me ta yi wa ɗalibi na biyu? Ta ɗauki 65 ɗin a matsayin radiyan 65, wanda ya kai zagaye goma cur da ɗoriyar kusan digiri 124, ta ba da 0.8268 maimakon 0.9063. Amsar daidai take, sai dai ta wata tambaya ce dabam da ba a yi ba.

Wani lokaci kuskuren da kansa yake tona kansa. Mutum yana tsaye mita 50 daga gindin hasumiya, yana hango ƙolinta a kusurwar digiri 40. Tsayinta 50 × tan 40, wato kusan mita 42. A radiyan sai a samu −55.9, kuma hasumiya ba ta tsiro zuwa cikin ƙasa. A alwatika mai kusurwar digiri 90, sauran kusurwoyin biyu ba sa kai 90, kuma sin da cos da tan ɗinsu ba sa zuwa da alamar ragi. Duk inda ta bayyana, a fara zargin ma'auni kafin a zargi hanya.

Amma na tsanin nan ya fi haɗari, domin 4.96 ba ta da wani aibu a ido. Ba ta kai tsawon tsanin ba, ba ta da alamar ragi, kuma tsani mai mita 6 zai iya kaiwa can. A nan ne haddar ƙananan lambobi ke biyan mai ita. Wanda ya san sin 60 kusan 0.87 ne, ya kuma san sin ƙaruwa yake yi daga sifiri zuwa digiri 90, zai ce a ransa: da kusurwar 60 ce, da tsanin ya kai mita 5.2, to ta yaya za a ƙara miƙar da shi tsaye zuwa 65 kuma kansa ya sauko zuwa 4.96? Wannan kirdadon, a ganina, ya fi kowace dabara amfani, don yana kama kuskuren ko a takardar da aka riga aka rubuta, inda malami ba ya ganin kalkuletar ɗalibi. Lambobi uku sun wadatar: sin 30 rabi ne, cos 60 rabi ne, tan 45 ɗaya ne. Tsohon littafin jadawalin lissafi da ake shiga jarrabawa da shi ma shaida ne nagari, tunda a digiri aka tsara shi.

Kuskuren yana zuwa ta ɗaya ɓangaren ma, musamman ga waɗanda suka shiga jami'a ko kwalejin kimiyya da fasaha, inda tambayoyi ke zuwa da π. An ce a nemo sin(π/6), amsa rabi ce, amma kalkuletar da ke kan D za ta ba da 0.0091, don ta ɗauka kusan rabin digiri ake nufi. Alamar wannan a fili take: sin da tan suna fitowa 'yan mitsi-mitsi, cos kuma yana manne wa ɗaya, kamar cos(π/3) da ke zama 0.9998 a maimakon 0.5. Haka in kusurwa ake nema. Ɗalibi ya danna sin⁻¹(0.5) yana jiran 30, sai ya ga 0.5236. A radiyan, sin⁻¹ ba ya wuce 1.5708, cos⁻¹ ba ya wuce 3.1416. Idan duk kusurwoyin da ke takardarka ba su kai huɗu ba, da wuya a ce digiri ne.

Akwai harafi na uku, G, ma'aunin giradiyan mai raba zagaye kashi 400, wanda masu safiyo ke amfani da shi a wasu ƙasashen Turai. Shi ne mafi wayo a cikinsu, don amsarsa kusa take da gaskiya. Tsanin nan a kan G zai ba da mita 5.12. Ɗalibi sai ya ɗauka kewaye lamba ce ta jawo bambancin, ya wuce abinsa.

Gwajin da ke raba gardama ba ya cin daƙiƙa biyar. Danna sin 30. In ka ga 0.5, kana kan digiri. In ka ga −0.988, radiyan ne, in kuma 0.454 ne, giradiyan. Sai dai ba kowane gwaji ke aiki ba. Sin 0 sifiri ne a kowane ma'auni, haka sin² da cos² na lamba ɗaya in an haɗa su ɗaya suke bayarwa ko'ina. Wanda ya gwada da waɗannan bai gwada komai ba.

Gyaran kansa ba wuya. A Casio fx-991ES, a danna SHIFT sannan MODE, lamba 3 digiri, 4 radiyan. A irin su fx-82MS ana ta danna MODE har Deg Rad Gra su bayyana, sai a zaɓi 1 ko 2. A tuna cewa kashe kalkuleta ba ya mayar da ita kan digiri, inda mai aro ya bar ta nan za ka same ta. Masu aiki da Excel kuma su sani cewa SIN ɗinsa radiyan kaɗai yake karɓa, don haka dole a juya masa:

```
=SIN(RADIANS(65))
```

Malam, in ka ga hanyar ɗalibi daidai amma amsarsa ta kauce, kafin ka ja jan biro, mayar da taka kalkuletar kan R ka sake danna lissafin, sannan ka gwada G. In lambarsa ta fito, ka rubuta masa a gefen takarda cewa ya duba harafin da ke saman gilashi, ba sai ya sake karatun babin daga farko ba.