Kiyaye Jerin Karatu a Hoton Shafin Jarida



Duk mai neman tarihin Birnin Kudu da Gwaram kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, tilas ya koma ga tsofaffin jaridu, irin su Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939. Yau akan ɗauki hoton shafi, na'ura ta mai da shi rubutu. To, na'urar takan gane haruffa, amma sau da yawa takan ɓata jerinsu.

Dalili kuwa shi ne, shafin jarida a rarrabe yake sahu-sahu, watau rubutu siriri mai gangarowa daga sama zuwa ƙasa, da ɗan farin fili tsakanin kowane sahu biyu. Wannan fili shi ne iyaka. In hoton shafi mai tsawon santimita 40 ya karkace da digiri 2 kacal, ƙasansa zai goce da kusan santimita ɗaya da rabi, abin da yakan zarce faɗin filin. Sai na'ura ta rasa iyaka, ta tsallaka daga wannan sahu zuwa wancan. Saboda haka a miƙe hoto tukuna.

Alal misali, a ce shafi yana da sahu huɗu. Kan labarin haƙa rijiyoyi a Birnin Kudu ya rufe sahu uku na farko, a tsakiyar sahu na biyu kuma an kewaye akwati mai farashin gyaɗa a Gwaram. Sai a yanka hoton, a lambata gutsattsarin. Kan labari shi ne 1, sahun farko 2, saman sahu na biyu 3, ƙasansa bayan an tsallake akwati 4, sahu na uku 5. Akwati ya zo a 6, da nasa kan, sannan sahu na huɗu. In ba haka ba, alƙaluman Gwaram za su faɗa cikin labarin Birnin Kudu, akawu ya kwafe su a rahoto.

Yaya za a gane ɓarna? A karanta kowace mahaɗa, watau ƙarshen gutsure da farkon mai bi masa. Nahawun Hausa yana taimakawa a nan: in 2 ya ƙare da "rijiyar", 3 kuma ya fara da "ya tashi", an kauce, domin rijiya "ta" take ɗauka. Haka kalmar da aka raba da karan ɗori, dole rabinta ya tarar da ɗan'uwansa.

Daga ƙarshe, shafin ajami, irin na jaridar Alfijir ta Kano, daga dama ake fara lambata sahunsa.