Nawa kilo ɗaya na abincin kaji yake tsayawa?

Kuɗin kilo ɗaya na haɗin abincin kaji yana fitowa ne daga yawan kowane kaya a cikin haɗin da kuma farashinsa a ranar da aka saye shi. Ana ninka kilon kowanne da farashinsa, a tara, sannan a raba da nauyin abincin da ya fito. Lissafin ya fi sauƙi a kan kilo 100, domin a nan kashi cikin ɗari da kilo sun zama abu ɗaya.

Ga misalin haɗin kajin ƙwai, da farashin da aka ƙaddara don gwaji kawai, tunda kasuwa ba ta zama wuri ɗaya. Masara kilo 52 a naira 500 ta ci 26,000. Garin waken suya da aka tatse wa mai, kilo 22 a naira 900, ya kama 19,800, dusar alkama kuma kilo 15 a naira 300 ta kama 4,500. Dutsen farar ƙasa kilo 8, wanda ke ƙarfafa ɓawon ƙwai, ya ci 800, garin ƙashi kilo 2 ya ci 700, sai gishiri da firimis da sauran ƙananan sinadarai kilo 1 a 3,000. Jimilla naira 54,800, wato 548 kowane kilo.

A nan masu kiwo da yawa suke ajiye biro, alhali da sauran aiki. Kuɗin mota da dako da niƙa da buhunan zubawa duk a kan abincin suke. Idan sun kai 3,000, kuma kilo 2 ya bi ƙura da bakin inji, to 57,800 za a raba da 98, kilo ya koma kusan naira 590. Buhu mai kilo 25 ya tsaya a 14,750, kuma wannan ne ya kamata a gwada da farashin na kamfani.

Masara ce ke jan ragamar lissafin. Ƙarin naira 100 a kilonta yana ɗora naira 52 a kan kilon abinci, amma ko farashin farar ƙasa ya ninka, naira 8 kacal zai ƙara. Shi ya sa dole a ɗora buhunta a sikeli. Wanda aka saya 50,000 da sunan kilo 100, idan 95 ya yi, kilonsa ya koma 526. Sabuwar masarar kaka kuwa, wadda ba ta gama bushewa ba, tana ƙara raguwa a ajiya, tana kuma iya yin fumfuna.

Rage masara a cika gurbin da dusa yana saukar da farashi a takarda, sai dai abincin ya rasa ƙarfi. Kazar da ke cin giram 110 zuwa 120 a rana sai ta ƙara ci, ƙwai kuma ya ja baya. Ana gane haka idan aka raba kuɗin abincin mako da yawan kiret ɗin ƙwan da aka kwasa, aka gwada da na makon da ya gabata.