Gona ɗaya, taki ɗaya, masara kala biyu

Yau za mu bi sawun wata tambaya da wani dattijo ya aiko mana. Ya ce gonarsa ɗaya ce, jigawa. Bara ya raba ta biyu, gabas dawa, yamma wake. Bana ya shuke ta duka da masara, iri ɗaya, rana ɗaya, kuma taki ɗaya ya zuba. Yanzu masarar yamma ta yi kore shar, ta gabas kuwa ta ɗashe. Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne maƙwabcinsa ma ya yi wake bara, amma masararsa ba ta nuna komai ba. To Baba, mu bi abin daki-daki.

Mu fara da ita masarar da ta ɗashe, don ganye ba ya ɓoye abin da ke damunsa. Na tambayi Baba wane ganye ne ya fara canjawa, ya ce na ƙasa, tsofaffin. Rawayar ta kama daga tsinin ganye tana bin jijiyar tsakiya, na sama kuwa suna nan da ɗan korensu. Wannan alamar yunwar naitirojin ce, sinadarin nan da muke saye cikin buhun yuriya. Idan ya yi wa shuka ƙaranci, sai ta janye shi daga tsofaffin ganyaye ta kai wa sababbi. Ke nan yamma ta fi gabas naitirojin. Tambayar ta koma: wa ya kawo shi?

Baba ya ce shanu ba su kwana a wurin ba, ba a kai takin gida ba, kuma ba kwari ba ne balle a ce ruwa ya taro masa dausayi. Saura wake.

Wanda yake da wake a gona yanzu, ya gwada wannan gobe da safe. Ka zaɓi gindin da ya kai sati biyar ko shida, dab da fure. Kada ka fizge shi, don abin da muke nema zai tsinke ya zauna a ƙasa. Sa fartanya ka haƙo shi da ƙasarsa, ka tsoma cikin bokitin ruwa ka girgiza a hankali. Za ka ga 'yan gudaji manne a jikin saiwa, wasu kamar ƙwayar dawa, wasu sun ɗan fi. Manoma da yawa suna ɗaukar su cuta ce. Ɗauki guda ka tsaga da farce. Idan lafiyayye ne, cikinsa ja ne ko ja-ja.

A cikin gudan nan akwai ƙwayoyin bakteriya da ido ba ya gani, masana suna kiran su raizobiya, kuma a ƙasa suke rayuwa tun kafin ka shuka. Da wake ya tsiro sai su shiga ta siraran gashin saiwa, saiwar ta gina musu ɗaki. Zaman baƙo da mai masauki ne: wake yana ciyar da su da sukarin da ganyensa ya haɗa, su kuma suna biyan haya da naitirojin. A ina suke samo shi? A iska. Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, sai dai a yanayin da masara da dawa ba sa iya ci. Ƙwayoyin nan ne ke kama shi daga iskar da ke ratsa ƙasa, su mai da shi abin da shuka za ta sha. Aikin ba ya son iskar oksijin da yawa, kuma jan nan da ka gani shi ke riƙe ta yana ba su kaɗan-kaɗan. Shi ya sa launin ya zama ma'auninmu: ja na aiki, fari bai soma ba ko kuma rago ne, kore ko ruwan ƙasa ya gama. Wasu masana biyu a Jamus, Hellriegel da Wilfarth, su suka tabbatar da wannan a 1886, ko da yake kakanninmu sun daɗe suna raɓa wake da gero ba su jira kowa ba.

A kula da abu ɗaya. Akwai wata ƙaramar tsutsar ƙasa da ke kumbura saiwa, har a ɗauka gudajin kirki ne. Murza da yatsa: na kirki a gefe yake manne, yana ɓallewa, na tsutsa kuwa saiwar ce da kanta ta kumbura.

Yanzu ga maƙwabci, inda abin ya fi daɗin bincike. Zargi na farko shi ne ko wakensa bai yi gudaji ba. Hakan na faruwa idan an labta wa wake yuriya, don shukar da ta samu a sauƙaƙe ba ta wahalar ciyar da baƙi, sai ta yi ta ganye. Yana faruwa kuma idan ƙasa ba ta da fosfaras, sinadarin da ke cikin takin sufa, ko idan ruwa ya kwanta ya toshe iska. Shawarar da aka saba bayarwa ga hekta ɗaya ita ce buhu 2 na kamfa mai 15-15-15 da buhu 2 na sufa lokacin shuka, shi ke nan. Amma Baba ya ce maƙwabcin bai sa yuriya ba, wakensa kuma ya yi 'ya'ya har ana sha'awa. Wannan zargi ya faɗi.

Sai na tambayi yadda kowa ya yi da gonarsa bayan roro. Maƙwabci ya tumɓuke waken da saiwarsa tun ganye bai zuba ba, ya ɗaure harawa ya kai kasuwa. Baba kuwa ya yanke nasa daga gindi ya bar saiwa, ganye da yawa ya kaɗe a gona, harawar kuma awakinsa suka ci.

Ga lissafin. Naitirojin da wake ya kama ba ya tsiyaya cikin ƙasa yana raye, akasarinsa hawa yake yi ya taru a ganye da ƙwaya. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin. Buhun wake mai kilo 100 kuwa yana da kilo uku da rabi zuwa huɗu. Wanda ya ɗebi buhu 10 ya fitar da abin da ya kai buhu ɗaya da rabi na yuriya, harawa tan ɗaya kuma ta ɗebe kusan wani buhun. Abin da ke zaman gado ga masara shi ne abin da ya ruɓe a wurin: saiwa, gudaji da ganyen da ya zuba. Maƙwabci ya kwashe har da saiwa da ganyen.

Kada dai mu ba naitirojin ladan duka. Shekarar da babu hatsi a yamma ta rage wasu cututtuka da ƙwarin da ke bin dawa da masara, kuma waken da ke samun nasa daga iska bai tatse ƙasa kamar yadda dawa ta yi a gabas ba. Haka nan geron da aka raɓa da wake a damina ɗaya ɗan kaɗan yake samu, ribar sai shekara ta zagayo.

Na san harawa kuɗi ce, ba zan ce kowa ya bar ta ta ruɓe ba. Mai sayarwa ya yanka da lauje ya bar saiwa. Mai ciyarwa ya tara kashin dabbobin a inuwa ya mayar gonar da harawar ta fito. Ku kuma Baba, gabas tana bukatar yuriya yanzu, a binne ta gefen gindi ƙasa na da laima. Yamma ma a ba ta, amma a rage hannu. Baɗi sai ku juya, wake ya koma gabas.