Kuɗi Ɗaya, Ciwo Daban-daban: Yadda Kuɗin Ruwan Yuro Ya Wahalar da Ƙasar Sifen

Daga watan Yunin 2003 zuwa Disamban 2005, Babban Bankin Turai da ke birnin Frankfurt ya bar kuɗin ruwansa a kan kashi 2 cikin 100. Ga ƙasar Jamus, wadda tattalin arzikinta ya yi sanyi har yawan marasa aikin yi ya haura miliyan 5 a farkon 2005, wannan mataki ya zo daidai. Amma ga ƙasar Sifen, inda kasuwa ke ci kuma farashin kaya ke hawa da fiye da kashi 3 cikin 100 a shekara, matakin ya zama tamkar zuba fetur a kan wuta.

Ƙasashen biyu na cikin 11 da suka soma amfani da kuɗin Yuro ranar 1 ga Janairun 1999. Tun daga ranar babu ɗayarsu da ke da ikon yanke kuɗin ruwa na kanta, ko kuma rage darajar kuɗinta. Banki ɗaya ke yanke wa kowa, yana kuma duban matsakaicin hauhawar farashi na yankin baki ɗaya, lissafin da manyan ƙasashe irin su Jamus da Faransa suka fi nauyi a cikinsa.

Wani masanin tattalin arziki ɗan ƙasar Kanada, Robert Mundell, ya hango wannan matsala tun cikin 1961, a wata maƙala da ya rubuta a kan yankin da ya dace ya yi tarayya a kuɗi ɗaya. Bayaninsa shi ne cewa tarayyar kuɗi tana da riba, domin tana kawar da asarar canji da fargabar faɗuwar daraja ga masu fatauci. Sai dai idan ciniki ya faɗi a wani sashe alhali yana bunƙasa a wani, kuɗin ruwa guda ba zai yi wa duka biyun magani ba. A ganinsa, abin da ke rage wannan illa shi ne ma'aikata su iya tashi cikin sauƙi daga inda aiki ya ƙare zuwa inda ake nemansu. Masanan da suka biyo bayansa sun ƙara da wasu sharuɗɗa, musamman asusun tarayya mai ƙarfi da zai tallafa wa sashen da ya shiga wahala.

Domin gane abin da ya sami Sifen, wajibi ne a bambanta kuɗin ruwan da aka rubuta a takarda da na haƙiƙa, wato abin da ya rage bayan an cire hauhawar farashi. A 2003 farashin kaya a Jamus ya ƙaru da kimanin kashi 1, saboda haka kashi 2 na babban banki ya zama kashi 1 na haƙiƙa. A Sifen kuwa, idan aka cire kashi 3 daga 2, lissafi ya faɗa ƙasa da sifiri. Ko da bankunan kasuwanci sun ɗora ribarsu a kai, mai cin bashi na biyan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, yayin da farashin gidaje ke tashi da fiye da kashi 10 a shekara. Duk ɗan kasuwar da ya iya lissafi ya ga cewa zama babu bashi ne asara.

Abin da ya fi muni shi ne yadda lamarin ke ciyar da kansa. Bashi mai araha ya ƙara sayayya, sayayya ta ƙara farashi, ƙarin farashi kuma ya sake rage kuɗin ruwa na haƙiƙa. Ƙasar da ta fi bukatar birki ita ce aka fi taka wa totur.

Kuɗi ya riƙa kwarara daga bankunan arewacin Turai zuwa na Sifen, akasarinsa kuma ya tafi ga gine-gine. Zuwa 2007 kusan ma'aikaci ɗaya cikin kowane takwas a ƙasar yana aikin gini ne, sannan giɓin hada-hadarta da ƙasashen waje ya kusa kashi 10 cikin 100 na duk abin da take samarwa a shekara. Albashi ya hau fiye da na Jamus, kayan masana'antun Sifen suka yi tsada a kasuwannin waje.

Akwai masu ɗora laifin rikicin Yuro a kan almubazzarancin gwamnatoci. Wannan zargi yana da tushe game da ƙasar Girka, amma bai hau kan Sifen ba. Gwamnatinta ta samu rarar kasafi daga 2005 zuwa 2007, kuma a 2007 bashin da ke kanta bai kai kashi 40 cikin 100 na abin da ƙasar ke samarwa ba, ƙasa da na Jamus nesa ba kusa ba. Wanda ya tsaya duban littafin gwamnati kawai ba zai ga ciwon ba, domin yana cikin bashin magidanta da na kamfanonin gine-gine. Babban Bankin Sifen ya tilasta wa bankuna ware ajiya ta musamman tun daga shekara ta 2000, amma ajiyar ta yi kaɗan idan aka kwatanta da girman bashin.

Da kasuwar gidaje ta rushe a 2008, sai matsalar ta juya fuska. Idan za a iya tunawa, a rikicin 1992 da 1993 Sifen ta rage darajar kuɗinta na wancan lokaci, fesita, har sau uku, abin da ya sa kayanta suka yi araha a waje. A wannan karo ƙofar a rufe take. Bugu da ƙari, a watannin Afrilu da Yulin 2011 Babban Bankin Turai ya ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 1 zuwa 1.5, saboda hauhawar farashi a yankin, a daidai lokacin da rashin aikin yi a Sifen ya wuce kashi 20. Da yake yawancin bashin gidaje a ƙasar yana hawa da sauka ne tare da kuɗin ruwan kasuwa, magidanta suka ji a jikinsu.

Hanyoyin da masana suka ambata ba su yi wani tasiri ba. Magini daga Andalus ba ya tashi dare ɗaya ya koma masana'antar Jamus, ga bambancin harshe, ga bashin gida a wuya. Kasafin Tarayyar Turai kuwa bai wuce kimanin kashi 1 cikin 100 na arzikin ƙasashenta ba, saɓanin Amurka, inda gwamnatin tarayya ke ci gaba da biyan fansho da tallafi a jihar da ciniki ya faɗi. Abin da ya rage wa Sifen shi ne matse albashi da rage ma'aikata har kayanta su sake yin araha, hanyar da ke cin shekaru. A 2012 sai da ta nemi rance daga ƙawayenta domin ceto bankuna, ta karɓi kimanin Yuro biliyan 41. A farkon 2013 marasa aikin yi sun haura miliyan 6, wato fiye da kashi 26 cikin 100.

Wannan labari ya shafi Afirka ta Yamma, inda a 2021 shugabannin ƙungiyar ECOWAS suka tsayar da 2027 domin fito da kuɗin bai-ɗaya mai suna ECO, bayan ɗage lokacin sau da dama. Nijeriya na samun mafi yawan kuɗin waje daga man fetur, alhali ƙasashe irin su Togo da Saliyo da Gambiya sayensa suke yi. Lokacin da gangar mai ta faɗo daga sama da dala 100 a tsakiyar 2014 zuwa ƙasa da dala 30 a Janairun 2016, Nijeriya ta shiga koma-baya, Naira kuma ta sauka daga kimanin 197 zuwa 280 a kan dala a watan Yunin shekarar, yayin da masu sayen mai suka samu sa'ida. A kuɗin bai-ɗaya kuwa, Nijeriya ce za ta zauna a kujerar Jamus, domin nauyinta zai rinjayi lissafin babban banki, kuma ƙananan ƙasashen ne za su riƙa karɓar kuɗin ruwan da aka auna da farashin gangar mai.