Sunan da Ke Hana Mai Tace Bidiyo Kwana a Zaune

Duk wanda ya taɓa leƙa kwamfutar mai tace bidiyo ana gobe sakin shiri, ya ga fayil mai suna "na ƙarshe", da ƙaninsa "na ƙarshe 2", da autansu "na ƙarshe na gaskiya". Shirin mako-mako ba ya jure wannan rikici. Kashi 52 ne a shekara, kuma tambarin buɗewa, da kiɗa, da sunan mai gabatarwa duk maimaici ne.

A ɗauki shirin girki da ke fita kowace Juma'a a YouTube, ana tace shi da Premiere Pro. Mai tacewar da ya san hannunsa yakan gina folda guda a matsayin uwa. A cikinta akwai ƙananan foldoji na ɗanyen hoto, da sauti, da abin da aka kammala, sai fayil ɗin aiki wanda an riga an saita shi a 1920 da 1080, an jera buɗewa da rufewa, an bar tsakiya fayau. Kowane mako sai ya kwafi uwar ya raɗa wa kwafin suna:

```
2025-03-07_K010_miyar-kuka
```

Shekara ce a gaba, sai wata, sai rana, don haka kwamfuta za ta jera makonni yadda suka zo. Da rana aka fara sawa, da 7 ga Maris ta zauna kusa da 7 ga Nuwamba. Sifilin gaban lamba ma ba ado ba ne, wasu manhajoji kan sa 10 a gaban 2 idan babu shi.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne ɗanyen hoto. Kyamarorin Sony da yawa kan sa wa bidiyo suna irin C0001.MP4, kuma ƙirgen yana iya komawa farko idan aka goge kati. Ke nan miyar kuka da dambun makon jiya suna iya zama takwarori. Shi kuwa Premiere ba ya haɗiye bidiyo a cikin fayil ɗin aiki, adireshinsa kawai yake riƙewa. Ranar da aka matsar da folda, sai jan allo ya fito da rubutun Media Offline, kuma wajen sake haɗawa ana iya kamo takwaran. Alamar ba ta ɓuya: rubutu yana cewa kuka, tukunya tana nuna dambu.

Maganin shi ne a liƙa lambar kashi a gaban sunan, ya zama K010_C0001.MP4, tun kafin a shigar da shi manhajar. Wanda ya bari sai daga baya, shi da kansa ya tsinke igiyar.

Saura uwar kanta. Ranar gaggawa mutum kan buɗe ta ya yi aiki a ciki, mako mai zuwa ya tarar da ragowar miyar kuka a gurbin da ya bari fayau. Shi ya sa ake sa wa fayil ɗinta alamar Read-only, ta yadda manhajar za ta ƙi adanawa a kansa sai an ba shi sabon suna.